Wa ke ƙin CV ɗinka kafin asuba?

Malam, na tura takardar neman aiki da daddare, kafin asuba an turo min cewa ba a ɗauke ni ba. Wa ya zauna ya karanta ta a wannan lokacin?

Babu kowa, manhaja ce. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji suna karɓar takardu ta tsarin da ake kira ATS, irin su Workday da Taleo da Greenhouse. Amsar da ta zo da wannan saurin yawanci daga tambayoyin fom take fitowa: shekarun aiki, matakin karatu, ko ka gama bautar ƙasa. Ka danna amsar da aka saita a matsayin ta faɗuwa, tsarin ya cire ka.

Wato dai sai mai hanya?

Akwai wuraren da hanya ke aiki, ban musa ba. Amma ka karanta tallar har ƙarshe kafin ka zo min da wannan maganar? Mafi yawan masu faɗin haka sunan muƙamin da albashin kawai suka gani.

A wanne zan tura CV, PDF ko Word?

Abin da tallar ta ce. In ba ta ce komai ba, kowanne ya yi, muddin rubutu ne na gaske, ba hoton takarda ba.

Ka taɓa ganin wanda ya gyara takardarsa abin ya sauya?

Na gani. Wani yaron unguwarmu ne mai HND, ya yi shekara biyu yana riƙe da sito a wani shagon sayar da magunguna na sari. Ya san aikinsa sarai. Duk tallar ma'ajin kaya da ya gani sai ya tura, kuma CV ɗaya yake tura wa kowa. Wasu su yi shiru, wasu su turo saƙon haƙuri. Har ya fara cewa an yi masa asiri.

Da ya kawo min takardar, ban fara da karanta ta ba. Na ce ya buɗe ta a kwamfuta, ya danna `Ctrl+A`, sannan `Ctrl+C`, ya buɗe Notepad ya danna `Ctrl+V`. Abin da ya fito ya kusa da abin da manhajar ke gani. An tsara masa takardar ne a shagon buga takardu, gida biyu, hagu da dama, da hotonsa da zanen layuka masu nuna ƙwarewa. A Notepad sai ga sunan makarantarsa ya shiga tsakiyar bayanin aikinsa, kwanan wata ya rabu da wurin aikin, zanen ƙwarewar kuwa ya ɓace baki ɗaya. Ya yi shiru yana kallo.

Sai muka koma kan tallar, ya buga ta a takarda, ya ɗauki biro. Ya ja layi a ƙarƙashin duk abin da aka sa a jerin `Required`, wato sharuɗɗan dole, ya zagaye kalmomin da aka maimaita. Huɗu suka fito fili: `stock reconciliation`, `waybill`, `GRN` da `FIFO`. Na tambaye shi ɗaya bayan ɗaya. Ashe duk ƙarshen wata yana ƙirga kaya ya gwada da littafi, wato `stock reconciliation`. Shi ke rubuta takardar rakiyar kaya, wato `waybill`, da ta shaidar karɓarsu, wato `GRN`, kuma kayan da suka fara shiga sito su yake fara fitarwa, wato `FIFO`. Duk yana yi, amma abin da ke CV ɗinsa shi ne `Responsible for store activities`. Wannan layin bai gaya wa kowa komai ba. Ga abin da ya maye gurbinsa:

```
Carried out monthly stock reconciliation in Excel; prepared waybills and GRNs; issued stock on FIFO basis.
```

Ya mayar da takardar gida ɗaya, ya cire hoto, ya sa kanun da tsarin ya saba da su, wato `Work Experience` da `Education` da `Skills`, ya rubuta wata da shekarar fara kowane aiki da na barinsa. Daga nan aka fara kiransa ganawa. Dalilin kuwa a fili yake: ma'aikacin da takardu suka yi wa yawa yakan rubuta kalma a akwatin bincike, sunayen masu ita su fito, ya fara da su. Da can sunan yaron ba ya fitowa, yanzu yana fitowa.

An ce in kwafe tallar duka in liƙa da farin rubutu yadda ido ba zai gani ba.

Kada ka yi. Tsarin yana zare rubutun ne ba tare da launi ba, sai ma'aikacin ya ga duk abin da ka ɓoye. Ka zama mai ha'inci tun kafin a san fuskarka.

Tallar ta ce shekara 3 na aiki. Ni ina da biyu, sai shekarar bautar ƙasa. Fom ɗin ya ce in zaɓi E ko A'a. Me zan danna?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta danganta da abubuwa da yawa.

Fara da lafazin tallar. In an rubuta `post-NYSC`, magana ta ƙare, shekarar bautar ƙasa ba ta cikin lissafi, shekararka biyu ce. In ba a rubuta ba, sai ka dubi abin da ka yi a shekarar. In a sito ko ofishin kaya aka ajiye ka, kana yin irin aikin da ake nema, to ni a ganina kana da hujjar ƙirga ta, da sharaɗin ka rubuta ta a CV a matsayin aiki, da sunan wurin da kwanan wata da abin da ka yi. In kuwa darasi ka koyar a sakandare alhali aikin sito ake nema, ba za ta shiga ba, domin galibi ana cewa `relevant experience`, wato aikin da ya shafi muƙamin.

Sannan ka duba inda aka sa sharaɗin. Abin da ke ƙarƙashin `Required` shi aka fi mayarwa tambayar da ke cire mutum kai tsaye. Abin da ke ƙarƙashin `Preferred` ko `Desirable` so ne kawai, kana iya danna A'a ka wuce. Ko a nan ma ba doka ba ce, kowane wurin aiki shi ke saita nasa tsarin, wani ya tsaurara, wani ya bar wa mutum ya duba.

Abin da ba zan ba ka shawararsa ba shi ne ka danna E alhali kwanan watan da ke CV ɗinka bai kai ba. Za ka wuce manhajar, amma mutum zai haɗa lissafin a gabanka ranar ganawa, ko a kira tsohon maigidanka a tambaya. Ƙungiyoyi da yawa suna sa ka amince a ƙarshen fom cewa bayanin ƙarya dalilin kora ne ko bayan an ɗauke ka. In saura 'yan watanni ka cika, kuma akwai akwatin ƙarin bayani, faɗi gaskiyar adadin a can. In an ƙi ka a haka, kada ka ɗauka da zafi, ƙanena. Ba a raina ka ba, sharaɗi ɗaya ne bai cika ba, kuma lokaci zai cika shi.

Na riga na ɗora CV, me ya sa fom ke sake tambayata makaranta da wurin aiki?

Domin waɗannan gurabun su ake tacewa da su. Duba abin da tsarin ya cike maka da kansa, ka gyara kurakuransa. Kuma don Allah ka daina rubuta `See CV` a ciki.

Kenan kowace talla sai na sake rubuta CV?

Ba duka ba. Ajiye babba guda ɗaya mai ɗauke da duk abin da ka taɓa yi. Kowace talla ka kwafo shi, ka gyara layukan sama da bayanin aikinka su dace da kalmominta, ka goge abin da bai shafe ta ba. Kalmar aikin da ba ka taɓa yi ba kuwa, bar ta a tallar, don a kanta za a fara tambayarka.