Rijiyar burtsatse ta haɗin gwiwa: yadda ake raba kuɗi gwargwadon ruwan da kowane gida ya sha

A unguwannin da ke bayan ganuwar Katsina, musamman sababbin filayen da bututun ruwan Ajiwa bai kai ba, ya zama al'ada gidaje uku ko huɗu su haɗa kuɗi su haƙa rijiyar burtsatse ɗaya. Ranar haƙa ba a samun saɓani. Saɓanin yakan taso ne bayan 'yan watanni, lokacin da mai iyali shida ya lura ana karɓar kuɗin mai a hannunsa daidai da maƙwabcinsa mai mutum goma sha biyar da shanun kiwo. Tambayar da ake yawan yi ita ce: me doka ta ce?

Gaskiyar magana, dokar ruwa ta tarayya ba ta yanka wa maƙwabta lissafin wa zai biya nawa ba. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993, a sashe na 2, ta bai wa duk mai haƙƙin mallakar fili, ko ta takardar gwamnati ko ta gargajiya, damar ɗibar ruwan ƙarƙashin filinsa ba tare da biyan komai ba, matuƙar don amfanin gida ne, ko shayar da dabbobi, ko ban-ruwan 'yar gonarsa. Saboda haka abin da zai yi hukunci tsakaninku shi ne yarjejeniyar da kuka ƙulla, kuma ita alƙali zai fara nema idan magana ta kai gabansa. Shari'a ma a kan haka take, domin hadisi ya tabbatar cewa Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka gindaya wa juna, in dai sharaɗin bai halatta haram ko ya haramta halal ba.

Abu na farko da yarjejeniyar za ta yi shi ne ta raba kuɗin gida biyu, domin cakuɗa su ne yake haifar da rabin rigimar. Akwai kuɗin mallaka: haƙa rijiya, bututun cikinta, ƙarfen ɗora tanki, tankin kansa. Wannan jari ne, kowa yana da kason da ya zuba, kuma kason ba ya ƙaruwa ko raguwa don mutum ya sha ruwa da yawa ko kaɗan. Sai kuma kuɗin tafiyarwa: wutar KEDCO, man janareta, da lalacewar injin da ke cikin rijiya, wanda masu gyara ke kira sumo. Wannan na biyun shi ne yake hawa da sauka gwargwadon ruwan da aka zuƙo, shi ne kuma adalci ya ce a raba shi bisa amfani. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida a kan haka, cewa ɗaukar nauyi yana bin cin moriya. Akwai ɗan ragowar kuɗi da ba ruwansa da yawan shan ruwa, kamar ladan yaron da ke kunna inji da wankin tanki. Shi a ganina a raba shi daidai wa daida, don ko gidan da ya yi tafiya wata guda ya dawo zai tarar da rijiyar tana aiki ne saboda an biya wannan kuɗin.

To yaya za a san abin da kowa ya sha? Da mita. Ana sa babbar mita ɗaya a bakin bututun da ya fito daga tanki, sannan a sa ƙarama a kan reshen kowane gida, a waje inda kowa zai iya gani, ba a cikin tsakar gida ba inda namiji baƙo ba zai shiga ba. A fuskar yawancin mitoci za ka ga lambobi baƙaƙe da jajaye. Baƙaƙen su ne kubik mita, jajayen kuma guntayensa ne. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, wato jarka 40 ta lita 25, irin wadda 'yan ga-ruwa ke turawa a kura. A tsayar da rana ɗaya a wata, mutum biyu daga gidaje daban su zagaya su karanta, su rubuta a littafi, su ɗauki hoto da waya. Abin da gida ya sha shi ne karatun yau a cire na watan jiya.

Mu ɗauki misali, da alƙaluman da na ƙirƙira don lissafi kawai. Gidaje huɗu ne. A wata ɗaya an kashe naira 39,000 a wuta da mai. Sun kuma amince a riƙa ajiye naira 6,000 kowane wata a asusun sauya sumo. Jimlar kuɗin amfani ta zama 45,000. Ladan mai kula da wankin tanki 8,000 ne, wato 2,000 a kan kowane gida. Mitoci sun nuna gida na farko ya sha kubik mita 12, na biyu 18, na uku 24, na huɗu 36. Jimla 90. Idan aka raba 45,000 gida 90, kowane kubik mita ya tashi a kan naira 500.

Gida na farko zai biya 6,000 na ruwa da 2,000 na kula, 8,000 ke nan. Na biyu 11,000, na uku 14,000, na huɗu 20,000. Haɗa su duka za ka samu 53,000, daidai da abin da aka kashe da abin da aka ajiye. Da raba-daidai aka yi, kowa zai ba da 13,250. Ma'ana mai ƙaramin gida yana ɗaukar wa wasu nauyin 5,250 duk wata, kuma sau da yawa shi ne mai ƙaramin ƙarfi a cikinsu, shi ne kuma wanda kunya take hana shi magana. Wannan ne ya sa nake ganin sa mita ba rashin yarda da maƙwabci ba ne, hanya ce ta sauke haƙƙin wanda ba zai iya buɗe baki ya nema ba.

A nan akwai wani kuskure da ake yawan yi. A ce babbar mita ta nuna 100 alhali jimlar ƙananan 90 ce. Idan ma'aji ya raba 45,000 da 100, farashi zai fito 450, abin da zai tara daga gidaje 40,500 ne kacal, asusu ya yi giɓin 4,500 ba tare da kowa ya ci ba. Daga nan ne ake fara zargin ma'aji. Kullum a raba da jimlar ƙananan mitoci, ta haka ruwan da ya ɓace kowa ya ɗauki kasonsa. Amfanin babbar mita shi ne ta nuna muku girman ɓatan. Ku amince da iyaka tun farko, misali kashi 10 cikin 100, in ya wuce a bincika. Binciken ba wuya: bayan sallar isha kowane gida ya rufe makunninsa na waje, a rubuta karatun babbar mita, a sake dubawa da asuba. Idan ta motsa, bututun haɗaka yana yoyo a ƙarƙashin ƙasa, ko kuma wani ya ja reshe kafin mita. Yoyon da ke kafin mitar gida na kowa ne, wanda ke bayanta kuwa na mai gidan ne, shi zai biya ruwan ya kuma gyara.

Ita ma mitar tana iya yin ƙarya. Idan tanki ya ƙare, iska ta cika bututu, lokacin da ruwa ya dawo iskar da yake turowa takan juya mitar ta ƙirga abin da ba a sha ba, kuma gidan da ya fi tudu ko ya fi nisa shi abin ya fi shafa. Yashi kuma yakan shiga ya rage mata gudu, sai ta ƙirga ƙasa da gaskiya, shi ya sa ake sa matata kafin mita. Wanda ya yi shakkar tasa, a gwada a gaban shaidu: a cika jarkar lita 25 sau huɗu, mita ta nuna ƙarin lita 100. In ta kauce sosai a sauya ta, a lissafa wa gidan wannan watan da matsakaicin abin da ya sha a watanni uku da suka gabata.

Masu sola kada su ce wannan bai shafe su ba. Kuɗin mai ya tafi, amma sumo yana ci gaba da tsufa gwargwadon aikin da yake yi, don haka asusun gyara yana nan kuma bisa amfani za a tara shi. Inda kuma babu halin sayen mita, ƙirga jarka a famfo ɗaya na waje ya fi ƙirga kawunan mutane kusa da gaskiya, don ƙidayar kai ba ta ganin shanu, ba ta ganin mai yin ƙanƙara, ba ta ganin mai zuba bulo.

Idan wani ya ƙi biya fa? A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Katsina ke aiki da ita, an yi magana a kan rijiyar tarayya da ta lalace ɗaya daga cikin masu ita ya ƙi sa hannu a gyara. Ba a tilasta masa sayar da kasonsa. Ana ce wa mai son gyara ya gyara, sannan shi ya fi cancanta da ruwan da gyaran ya samar har sai ɗan'uwansa ya biya abin da ya hau kansa. Wannan ya ba ku madogara ta rubuta cewa wanda bashi ya taru masa wata biyu ko uku za a rufe reshen da ya shiga gidansa bayan an yi masa gargaɗi a gaban mai unguwa. Sai dai ina roƙo a bar masa damar ɗibar na sha da na girki a famfon waje. An yi hani a hadisi ga hana rarar ruwa, kuma yaran gidan ba su ne suka ci bashin ba.

Abubuwa biyu kada a manta da su a takardar. Na farko, rijiyar a filin mutum ɗaya take. Idan ya sayar da gidan ko ya rasu aka zo rabon gado, mai saye ko magada za su ɗauka tasu ce, sai in akwai rubutu da ya nuna kason kowa da haƙƙin wucewar bututu, da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa ko dagaci, kowane gida kuma yana riƙe da kwafinsa. Na biyu, sassaucin da dokar 1993 ta bayar na amfanin gida ne. Wanda yake son sayar wa 'yan ga-ruwa ko tanka ya fita daga cikinsa, maganar lasisi ta shigo, in kuma ruwan leda ne sai da rajistar NAFDAC. Don haka a rubuta ƙarara ko an yarda a sayar da ruwan rijiyar, ta wace mita zai bi, kuma kuɗin asusun haɗaka zai shiga ko aljihun mai sayarwa.