Ribar kashi 10 ba ta jira shekara 10 kafin ta ninka jari

Wani ɗan tireda a Gombe ya ce min, ribar kashi 10 cikin 100 a shekara sai ta shekara 10 kafin ta ninka jari. Lissafin nan ya manta cewa riba ma tana haihuwa.

A ce ya ajiye naira 100,000 a kasuwanci, bai taɓa ko sisi ba. Shekarar farko ta zama 110,000. A ta biyu, ribar za ta fito ne daga 110,000, sai a samu 121,000, ta uku kuma 133,100. Kafin shekara ta 8 ta cika, kuɗin ya haura 200,000.

Amma fa in ya riƙa cire dubu goman duk shekara yana cefanen Sallah, to maganarsa ta zama gaskiya, sai shekara 10 ɗin kafin jimillar ribar da ya cire ta kai yawan jarin.