Tsarin wasiƙar ofis: daga tambari zuwa sa hannu

An ba ni aikin rubuta wasiƙun makarantarmu. Da me zan fara a saman takardar?

Idan makarantar tana da takarda mai tambari, wadda aka buga sunanta da adireshinta a sama, an rage maka aiki, ba sai ka sake rubuta adireshi ba. Shafin farko kaɗai ake bugawa a kanta, na biyu farar takarda ya ishe shi. Idan babu, sai ka sa adireshinku a sama ta hannun dama, kwanan wata a ƙarƙashinsa, sannan ka sauko hagu ka rubuta wanda za a kai wa. Muƙaminsa ake rubutawa, kamar Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, domin mutum yakan tashi, kujera kuwa tana nan. Kada kuma ka ɗauki takardar makaranta ka rubuta buƙatar kanka. Neman hutu ko canjin wurin aiki a farar takarda ake yin sa, a bi da shi ta hannun hedimasta.

Waɗannan haruffa da lambobi da nake gani a sama fa, dole ne?

Su ne ma abin da akawun rajista ya fi dubawa. A ce iska ta yaye rufin ajujuwa biyu, hedimasta ya ce ka rubuta wa sakataren ilimi. Sai ka ɗauko fayil ɗin gyare-gyare, ka ga lambarsa 12, kundi na farko ya cika ana kan na biyu, takardar ƙarshe a ciki kuma shafi na 46 ce. Kwafin wasiƙarka zai zauna a shafi na 47, don haka lambarta za ta fito kamar haka:

```
MF/GYR/12/II/47
```

Haruffan farko na makaranta ne, masu bi musu na sashen gyara, sauran kuma fayil, kundi da shafi. Kowane ofis da irin nasa tsarin, amma manufar ɗaya ce. Ran da amsa ta zo, za ka ga sun sa tasu lambar, sun kuma ambaci taka, kai tsaye za ka buɗe shafi na 47. Na taɓa yin wata biyu ina zirga-zirga a wani ofis kan wasiƙar da na aika babu lamba. An karɓa, an buga mata hatimi, amma ba wanda ya san fayil ɗin da ta faɗa. Tun daga nan ba na barin masinja ya dawo sai da kwafi mai hatimin karɓa. In amsa kake bayarwa, jumlarka ta farko ta ambaci lambar wasiƙarsu da ranarta.

Zan iya rubuta kwanan wata da lambobi zalla?

Gara ka rubuta sunan watan: 3 ga Afrilu, 2025. Mu rana muke fara sawa, Amurkawa kuwa wata, shi ya sa 3/4/2025 zai iya zama 4 ga Maris a wurin wani. Ranar da aka sa hannu ake rubutawa, ba ranar da ka fara tsara wasiƙar ba.

Take ne ke zuwa da farko ko gaisuwa?

A ofisoshin Najeriya gaisuwa ce a gaba, take ya biyo ta, da manyan baƙaƙe ko kuma a ja masa layi. A Nijar, inda ake bin salon Faransanci, take yana gaba da gaisuwa. Ko ina ya zauna, ya faɗi abin da ake so a layi ɗaya. "Koke" kawai bai gaya wa kowa komai ba. NEMAN GYARAN RUFIN AJUJUWA BIYU kuwa, da ganinsa sakatare ya san jami'in da zai tura wa. Magana ɗaya, wasiƙa ɗaya: in ka cusa ƙarancin malamai a cikin ta rufi, ɗaya daga ciki za ta kwana a fayil ɗin da ba nata ba.

Gaisuwar kuma gajera ce: "Yallaɓai", "Ranka ya daɗe" ko "Ranki ya daɗe". Ga sarki, "Allah ya ja zamanin Sarki". Tambayar iyali da gajiya a bar wa wasiƙar zumunci.

Da me ake rufewa?

"Naka mai biyayya" ga na sama da kai, mace ta ce "Taka mai biyayya". A wasiƙun fada har yau ana ganin "Haza wassalam". Sai ka bar fili don sa hannu, ƙarƙashinsa cikakken suna da muƙami. Idan hedimasta ba ya nan, ya kuma ba ka izini, hannunka za ka sa, da sunanka, ka rubuta "a madadin Hedimasta". Waɗanda za a aika wa kwafi, kamar shugaban kwamitin makaranta, a jera su can ƙasa ta hagu.