Sanarwar miƙa bashi ga mai karɓowa: yadda za a gyara ta ba tare da barazana ba

Ina sayar da kayan masarufi a kan sari. Na rubuta wa masu riƙe da kuɗina: "Gargaɗi na ƙarshe! Wanda bai biya cikin kwana uku ba, 'yan sanda za su kama shi, mu kwashe kayansa, mu tona masa asiri." Ina laifin wannan?

Alhaji, ka yi alkawari uku, kuma babu wanda doka ta ba ka ikon cikawa. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sandan Najeriya ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki, kuma bashin kaya yarjejeniya ce. Kwashe kaya kuwa sai kotu ta yanke hukunci, ma'aikatanta su zartar. Tonon asirin ya fi duka haɗari, domin baza sunan mutum da bashinsa na iya jawo ƙarar ɓata suna, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Lauyan wanda kake bi zai yi murna da wannan takarda: kai da kake bi, sai ka koma mai kare kai.

To me zan rubuta?

Abin da ya faru, da abin da zai faru, da ƙofar da ta rage a buɗe. Misali:

"Assalamu alaikum. Littafinmu ya nuna ka karɓi kayan naira 600,000 ranar 6 ga Janairu, ka biya 120,000, saura 480,000. Daga ranar 30 ga Afrilu, wakilinmu mai suna kaza ne zai riƙa tuntuɓarka kan wannan lissafi. Kafin ranar kana iya biya ta asusunmu, ko ka zo mu tsara biya kashi-kashi. Idan ka ga kuskure, ka sanar da mu a rubuce mu duba tare."

Dubi yadda aka ambaci 120,000 ɗin da ya biya. Mutum ya ga ba a manta da ƙoƙarinsa ba, ba shi kuma da hujjar cewa lissafin ƙage ne. An sa rana takamaimai maimakon "nan ba da jimawa ba". Sunan wakilin ma dole ne, don kada wani ɗan damfara ya riga shi zuwa karɓar kuɗin.

Ba zan ambaci kotu ba ke nan?

Kana iya cewa, "Idan ba a daidaita ba, muna da damar kai maganar kotu." Wannan gaskiya ce. Amma kada ka ce an shigar da ƙara alhali ba a shigar ba, kada kuma takardar ta yi kama da sammaci.

Ladan wakilin fa, in ɗora a kansu?

Sai in yana cikin yarjejeniyarku tun farko. In babu, daga aljihunka zai fita.

In tura sanarwa ɗaya ga dukansu?

A'a. Kowa da tasa, a hannunsa ko a lambar wayarsa, ban da matarsa ko maƙwabcin shagonsa. Ka ajiye kwafi da ranar da aka kai.