Habeas corpus

Habeas corpus umarni ne da kotu ke aika wa duk wanda ke tsare da wani mutum, na ya kawo shi gaban alƙali ya kuma faɗi hujjar da doka ta ba shi ta riƙe shi. Kalmomin na Latin ne, ma'anarsu kuwa "ka zo da jikin", wato a kawo mutumin da kansa, alƙali ya gan shi ido da ido. Asalinsa daga shari'ar Ingila ne.

Abin da yake karewa

Ba laifin mutum ake bincike a nan ba, tsarewar ce ake wa shari'a. Idan mai tsaron ya nuna ingantacciyar takardar kotu ko dokar da ta halatta masa, a mayar da mutumin. Idan ya kasa, a sallami mutumin ko a ba da belinsa. Tunda wanda ke kulle ba ya iya zuwa kotu, ɗan'uwansa ko lauya na iya shigar da buƙatar a madadinsa. Umarnin yana hawa kan ɗan sanda da gandiroba, haka ma kan mutumin da ba hukuma ba.

Tarihi

Ana yawan jingina shi ga Magna Carta, takardar 'yanci da sarkin Ingila ya amince da ita a 1215, amma takardar ba ta ambaci sunansa ba. Ana ganin tun wajen ƙarni na 13 kotunan sarki ke amfani da irin wannan takarda, sai dai a lokacin aikinta na sammaci ne kawai, a kawo mutum don shari'a ta gudana.

A 1626 Sarki Charles na ɗaya ya ɗora wa masu hali rancen dole, ya kulle waɗanda suka ƙi biya. A 1627 biyar daga cikinsu suka nemi habeas corpus. Amsar da ta zo daga kurkuku ita ce an tsare su "bisa umarni na musamman daga sarki", ba a ambaci laifi ko ɗaya ba, kuma alƙalai suka ƙi ba da belinsu. Wannan ya harzuƙa majalisa, har a 1628 ta sa sarkin ya amince cewa ba za a ƙara kulle mutum ba tare da bayyana dalili ba.

Duk da haka masu tsaro ba su rasa dabara ba. Sukan yi jan ƙafa wajen amsawa, ko su riƙa yawo da fursuna daga wannan kurkuku zuwa wancan, ko su tsallaka da shi wani tsibiri inda takardar kotu ba ta isa. Dokar 1679 ta bi waɗannan kafofi tana toshewa. Ta ba mai tsaro kwana 3 ya kawo mutum idan tazarar ba ta wuce mil 20 ba, kwana 10 idan ba ta wuce mil 100 ba, kwana 20 idan ta fi haka. Wanda ya saɓa ya biya fam 100 a karon farko, a karo na biyu fam 200 tare da rasa aikinsa. Alƙalin da ya ƙi ba da umarnin lokacin hutun kotu, tararsa fam 500. An kuma haramta kai fursuna Scotland, Ireland, Jersey, Guernsey ko Tangier. Akwai labarin da ake bayarwa cewa dokar ta tsallake majalisar dattawa ne saboda mai ƙirga ƙuri'a ya lissafa wani ƙaton basarake a matsayin mutum goma. Masana tarihi sun saɓa a kan sahihancinsa.

Da wannan umarni aka sauko da James Somerset, bawan da ake shirin kaiwa Jamaica a sayar, daga jirgin ruwa, kuma alƙali Lord Mansfield ya sake shi a 1772.

Dakatarwa

Tsarin mulkin Amurka ya yarda a dakatar da shi lokacin tawaye ko mamaya kaɗai. Shugaba Lincoln ya yi haka a 1861, kuma an yi ta jayayya ko ikon na shugaba ne ko na majalisa. A Najeriya, gwamnatin Abacha ta hana kotuna ba da shi ga waɗanda aka tsare da sunan tsaron ƙasa, ta dokar soja mai lamba 14 ta 1994.

Dalilin riƙe sunan Latin

A da, da Latin ake rubuta takardun kotunan Ingila, kuma kowane umarni yakan ci sunansa daga muhimman kalmomin da ke cikinsa. Dokar da ta fara aiki a 1733 ta mayar da harkokin kotu Turanci, amma aka bar wa umarnan sunayensu na asali. Fassarar ma ba ta fitar da ma'ana, don "ka zo da jikin" ya fi kama da batun gawa. Ga shi kuma sunan ya riga ya shiga dokoki da hukunce-hukuncen ƙasashe da yawa, lauyan Delhi da na Kano duk abu ɗaya suke fahimta da shi. A 2004 Ingila ta sauya wa wasu umarnan kotu, certiorari da mandamus, suna zuwa Turanci, amma ta bar habeas corpus yadda yake.