Ma'anar BMI, da inda yake yi wa ƙarfafa rashin adalci

Kwanakin nan duk shirin lafiyar da ka kama a rediyo sai ka ji an ambaci BMI, kuma duk inda aka kafa rumfar awon lafiya kyauta sai an rubuta maka shi a kati. Abin da ke ɓata mini rai shi ne fassarar da ake yi masa. Na ji wani mai gabatar da shiri yana cewa BMI "awon kitsen jiki" ne, ya kuma maimaita har sau uku. Ba haka ba ne. BMI bai taɓa auna kitsen kowa ba. Nauyinka yake dubawa ya gwama da tsawonka, shi ke nan.

Lissafin ba shi da wuya: a ɗauki nauyi a kilo, a raba da tsawo a mita wanda aka ninka da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban da ya faɗo ƙasa da 18.5 ya rame, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma ƙiba ce.

Ɗan ƙanwata ne ya sa na zauna rubuta wannan. Dakon buhunan albasa yake yi a Aliero, da rani kuma yana kokawa. Ya shigo gidana a Birnin Kebbi da kati a hannu, fuskarsa ba walwala, ya ce, "Kawu, wai an ce ƙiba ta yi mini yawa, in rage cin tuwo." Na karɓi katin na duba: tsawo mita 1.72, nauyi kilo 90. In ka ninka 1.72 da kansa za ka samu kusan 2.96, in ka raba 90 da wannan kuma sai ka samu 30.4. Wanda ya yi lissafin bai yi kuskure ba, da ya zo fassara ne ya kauce. Yaron da na kama damtsensa na ji kamar icen kirya, wanda ko fatar cikinsa da ƙyar ka tsunkulo da yatsu biyu, shi aka rubuta wa ƙiba.

Dalilin a fili yake. Sikeli bai san tsoka ba, bai san kitse ba, bai san ƙashi ko ruwa ba, duk abin da ya hau kansa kilo ne. Tsoka kuma ta fi kitse matsewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci ya ga haka: kilo guda na jan nama ya fi kilo guda na kitse ƙanƙanta a ido. Saboda haka mai murɗaɗɗen jiki, ɗan dambe ne ko masuncin Argungu da ya girma yana tuƙa kwale-kwale, zai yi nauyin da ya wuce yadda ido ke ganinsa, lissafin kuma ya jefa shi layi ɗaya da mai teɓa.

In ka san inda abin ya samo asali za ka daina mamaki. Adolphe Quetelet, mutumin Beljiyam, shi ya fito da lissafin a shekarun 1830, kuma shi ba likita ba ne, masanin lissafi ne da taurari. Abin da yake nema shi ne siffar matsakaicin mutum a cikin jama'a masu yawa, jama'ar ma ta Turai. Sunan da muke kira yau kuwa Ancel Keys, Ba'amurke, shi ya raɗa shi a 1972, bayan binciken da ya yi a kan maza sama da 7,000, babu mace ko ɗaya. Wato awo ne da aka ƙera don a san halin gari guda, mu kuma muka mai da shi hukunci a kan mutum ɗaya. A 2023 ƙungiyar likitocin Amurka da kanta ta ce kada a dogara da shi shi kaɗai.

Na aika aka aro tef wajen telan unguwa. Na sa yaron ya ɗage riga ya tsaya sosai, na laluba ƙasan haƙarƙarinsa na ƙarshe da saman ƙashin ƙugunsa, na zagaya tef a tsakiyar su biyun, wanda yakan faɗo kaɗan sama da cibiya. Na ce ya fitar da numfashi kamar yadda ya saba, ban da tsuke ciki. Santimita 83. Na raba da tsawonsa, santimita 172, ya ba ni 0.48. Ƙa'idar a nan ita ce kada kewayen cikinka ya kai rabin tsawonka, wato a zauna ƙasa da 0.5. Wanda ba shi da tef ma yana iya yanko igiya daidai tsawonsa, ya naɗe ta biyu, ya zagaya cikinsa. In bakin biyu sun haɗu da sauƙi, madalla. In sun ƙi haɗuwa, akwai magana.

Abin da ya sa ciki ya fi sikeli faɗin gaskiya shi ne kitse ba duka ɗaya ba ne. Wanda ya taru a cinya ko ƙarƙashin fata ba shi da haɗarin wanda ya cushe cikin ciki ya lulluɓe hanji da hanta. Shi wannan na cikin shi ke da alaƙa mai ƙarfi da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Ga namiji, daga santimita 94 haɗari ya fara, daga 102 ya yi yawa. Ga mace kuma 80 da 88.

Ɗaya gefen shi ya fi damuna, kuma ban taɓa jin an taɓo shi a rediyo ba. Ka ɗauki ma'aikacin ofis mai tsawo irin na yaron nan, amma nauyinsa kilo 72. BMI ɗinsa 24.3, za a ce masa lafiya lau ya tafi gida. Hannuwansa sirara ne, ƙafafunsa sirara, sai tumbi a gaba na santimita 98, wanda babbar riga ta rufe masa asiri. In ka raba da tsawo 0.57 ne. Mu kuma a nan tumbi alamar hutu ce, har barka ake yi wa mai shi. Wannan mutumin shi ya fi buƙatar a auna masa jini da suga, shi ne kuma katin ya sallama.

Ban ce a jefar da BMI ba. Yawancin waɗanda suka haura 30 kitse ne da su na gaskiya, kada kowa ya fake da "ai ni tsoka ce" bai zagaya tef ba. Haka tsohon ɗan kokawa da ya daina shiga fage amma bai rage malmala ba, nauyinsa zai iya tsayawa a kilo 90 alhali tsokar tana zubewa kitse na maye gurbinta. Sikeli ba zai nuna komai ba, mazugin wando ne zai fara ba da labari. Mai juna biyu da wanda ƙafafunsa suka kumbura da ruwa, su lissafin bai ma shafe su ba, yara kuma jadawalinsu daban ne.

Bayan tef, awo biyu na ce ɗan ƙanwata ya je ya yi, don tsoka ba ta hana hawan jini. Awon jini, wanda in ya yi ta kaiwa 140 bisa 90 a ranaku daban-daban to ya hau, da awon suga da safe kafin a karya, wanda daga 126 abin a koma wurin likita ne. Bayan sati ya kira ni daga Aliero, ana ta hayaniyar lodi a bayansa, ya ce jinin 118 bisa 76, sugan 88. Na ce ya ci tuwonsa, ya kuma ajiye igiyar nan, duk bayan kakar albasa ya sake zagaya ta.