Saƙonni Ɗari Huɗu da Takardar Lissafi: Yadda Ake Auna Ra'ayin Jama'a da Hannu

Malam, ina shirya wani shiri a gidan rediyo. Da muka sauya masa lokaci, saƙonnin masu sauraro sama da 400 suka shigo. Manajanmu na so ya ji ko yabo ya fi yawa ko suka. Ta ina zan fara?

Malama, kada ki fara da rarrabawa. Ki ɗebi saƙo talatin ko arba'in ki karanta su kawai, ba tare da kin sa wa kowanne alama ba, don ki ji yadda mutanen ke magana. Daga nan sai ki buɗe Excel ko Google Sheets, ki ba kowane saƙo layinsa. Ginshiƙin A lambar saƙo, B saƙon kansa kamar yadda aka rubuto shi, C rukuni, D abin da ake magana a kai, kamar lokaci ko mai gabatarwa ko tallace-tallace.

Kafin ƙidaya sai an yi tankade. A ce saƙonnin 412 ne. Za ki tarar da wanda ya turo saƙo ɗaya sau shida don yana so a karanta sunansa. Ki bar guda, ki cire sauran. Mu ɗauka bayan haka saura 380, kuma da wannan adadi zan ci gaba da misali.

Rukuni nawa ya kamata in yi?

Huɗu sun isa. Y na yabo, S na suka, G na gauraye, wato wanda ya yaba wani abu ya kuma soki wani, sai B na wanda babu ra'ayi a cikinsa, irin gaishe-gaishe da tambayar lambar waya. Mutane kan haɗa G da B su kira su "tsaka-tsaki", kuma kuskure ne. Wanda ya ce shirin na da kyau amma sabon lokacin ya ci karo da sallar isha'i ya ba ki bayani biyu masu amfani, shi kuwa mai gaida abokansa na kasuwa bai ce komai a kan shirin ba.

Ki rubuta ma'anar kowane rukuni a wani shafi dabam, tare da misali biyu ko uku daga saƙonnin. Sannan ki kulle ginshiƙin C da Data Validation yadda ba zai karɓi komai ba sai waɗannan haruffa huɗu. Dalilin shi ne idan kika buga S da tazara a bayansa, ido ba zai gani ba, amma lissafin zai tsallake shi.

Saƙon da ya ce "to, sannunku da ƙoƙari" fa? Yabo ne ko gatse?

Nan ne aikin yake, kuma saboda irin wannan ne ake yin sa da hannu. Bahaushe ba kasafai yake fito da suka fili ba. Zai fara da sallama da fatan alheri layi biyu, ya yi wa ma'aikata addu'a, sai can ƙarshe ya ce "sai dai mu manoma yanzu an bar mu a baya." Wanda ya yi karatun gaggawa zai sa Y saboda addu'ar. Amma addu'ar ladabi ce, saƙon yana bayan "sai dai". Don haka doka ta farko da nake ba kowa ita ce, gaisuwa da addu'ar buɗe magana ba sa shiga lissafi.

"Ba laifi" ma haka take. A bakin wani yabo ne sosai, a bakin wani kuwa nufinsa ya haƙura ne kawai. "Allah ya saka da alheri" yabo ne, amma "Allah ya saka mana" ƙorafi ne mai zafi, ga shi kalmomin kusan ɗaya.

Game da naki misalin, ki duba abin da ke kewaye da shi. Idan ya zo bayan "kun mayar da shi lokacin da kowa ya yi barci", gatse ne, S ke nan. Idan shi kaɗai ne ba abin da ya biyo, ni Y nake sa wa, domin ba na hukunta mutum da abin da na zata yana nufi. Ke ma kina iya zaɓar wata doka, muddin kin rubuta ta kuma kin bi ta daga saƙo na ɗaya har na 380. Duk lokacin da kika sauya doka a tsakiya, dole ki koma baya ki sake duba waɗanda kika wuce.

Wani abu kuma, kada ki zauna ki yi duka a zama ɗaya. Bayan saƙo sittin ko saba'in hankali kan gaji, sai ki ga hannunki na ta sa harafin da ya saba.

Yaya zan san ba son zuciyata nake ƙirgawa ba, tunda shirin nawa ne?

Ki samu abokiyar aiki da ba ta da hannu a shirin. Ki ba ta shafin ma'anoni da saƙo 50 da aka tsinto ba tare da zaɓe ba. Hanyar tsintar ita ce ki sa `=RAND()` a wani ginshiƙi don ya ba kowane layi lamba ta sa'a, ki jera dukan teburin da shi, ki ɗauki hamsin na sama. Ki kula, dukan teburin za ki jera, domin idan ginshiƙi ɗaya kika jera, alamomi za su rabu da saƙonninsu. Ki ɓoye mata alamominki, ta sa nata a ginshiƙin F, sai ki gwada:

```
=SUMPRODUCT(--(C2:C51=F2:F51))/50
```

A ce kun dace a 41, wato kashi 82 cikin ɗari. Sai dai ko da canki-canka kuke yi wajen sa alamomin, za ku dace a wasu. Wannan ne ya sa Jacob Cohen ya fito da ma'aunin kappa a 1960, wanda ke cire dacewar sa'a daga lissafin. Idan ke kin sa Y 18, S 20, G 5, B 7, ita kuma Y 22, S 17, G 4, B 7, sai ki ninka adadinki da nata a kowane rukuni ki tara: 396 da 340 da 20 da 49 sun ba da 805. Ki raba da 2,500, wato 50 sau 50, ya zama 0.322, dacewar da sa'a kaɗai za ta kawo. Ki cire wannan daga 0.82, ki raba sakamakon da 0.678, wato ɗaya ban da 0.322. Kappa ta zama kusan 0.73, kuma masu bincike kan ɗauki abin da ya haura 0.6 a matsayin dacewa mai ƙarfi.

Amma saƙonni taran da kuka saɓa sun fi lambar amfani. Ku zauna ku karanta su tare. Idan shida daga ciki masu doguwar addu'a ne da ita ta sa wa Y, kin ga dokar gaisuwa ce ba ta fito sarai a rubuce ba.

To, me zan kai wa manaja?

```
=COUNTIF(C2:C381,"S")
=COUNTIFS(C2:C381,"S",D2:D381,"lokaci")
```

Lissafi na farko yana ƙirga S, sai ki sauya harafin don sauran rukunoni, na biyu kuma yana ƙirga S ɗin da suka shafi lokaci. A ce kin samu Y 133, S 152, G 38, B 57. Ki tara su tukuna, in bai ba da 380 ba akwai layin da ya kuɓuce. Suka ita ce kashi 40 cikin ɗari na dukan saƙonni, amma idan aka cire 57 marasa ra'ayi ta koma kashi 47 na 323. Duka biyun daidai ne, ki dai faɗi wanne kika ɗauka. Idan lissafi na biyu ya nuna 97 daga cikin 152 ɗin lokaci suke kuka da shi, wannan shi ne labarin da ya fi damun manaja.

Ki kuma gaya masa cewa wannan ra'ayin waɗanda suka rubuto ne. Wanda aka ɓata wa rai ya fi saurin ɗaukar waya, ita kuwa tsohuwar da ke sauraro a ƙauye ba tare da kuɗin kira a wayarta ba, ba ta cikin 380 ɗin nan.